Yadda Aka Sa Lodin Bayanai na Dare Ya Riƙa Kai Ƙarar Kansa a Zauren Telegram

Kamfanin da wannan nazari ya shafa yana rarraba kayan masarufi a kan sari, yana da rassa goma sha huɗu da babban sito guda ɗaya. Kowane reshe idan ya rufe ciniki da dare yakan tura fayil ɗin cinikin ranar zuwa wata sabar da ke babban ofis, sannan da ƙarfe 1:00 na dare manhajar `cron` ta tayar da wani ɗan shiri da ke kwashe fayilolin ya zuba su a rumbun bayanai na PostgreSQL. Da ƙarfe 7:00 na safe magajin sito yake buɗe rahoton da aka gina a kan waɗannan bayanai, kuma da shi yake yanke yawan katan ɗin da za a ɗora wa kowace mota. Aikin yakan ci tsakanin minti 35 da minti 50, kuma mu uku ne muke kula da shi, kowa da makonsa na jiran ko-ta-kwana.

Tun farko akwai hanyar sanarwa, amma ta imel ce, wadda `cron` ke turawa zuwa adireshin da aka rubuta a `MAILTO`. Babu wanda yake buɗe imel kafin ya isa ofis, alhali kafin nan motoci sun riga sun fita, saboda haka aka yanke shawarar mayar da sanarwar zuwa zauren hira da ke cikin wayar kowa. An fara tunanin WhatsApp domin a can ma'aikata suke yini, sai dai hanyoyin bayan fage da ake bi a sa shiri ya yi magana a zaurensa suna iya jawo a toshe lambar, kuma ba mu so mu ɗora tsaron aiki a kan abin da zai iya rushewa ba tare da gargaɗi ba. Telegram kuwa ya buɗe wa masu shirye-shirye ƙofa a hukumance tun 2015. Ana yi wa `@BotFather` magana da umarnin `/newbot`, ya ba da mabuɗin sirri, a saka bot ɗin, wato asusun da shirin zai riƙa tura saƙo da shi, a zaure, a yi masa magana sau ɗaya, sannan a duba `getUpdates` a ɗauko lambar zauren, wadda kullum take farawa da alamar ɗebewa. Daga nan tura saƙo bai wuce kira ɗaya ba:

```
sanar() {
  curl -sS --max-time 20 --retry 3 \
    --data-urlencode "chat_id=$CHAT_ID" \
    --data-urlencode "text=$1" \
    "https://api.telegram.org/bot$TOKEN/sendMessage"
}
```

Wannan ɓangaren bai ɗauke mu rabin awa ba, kuma shi ne mafi sauƙi a cikin dukan aikin. Abin da ya ci mana watanni shi ne gano lokacin da ya kamata a kira `sanar`, domin sau uku lodin ya lalace zauren yana shiru, kuma kowane karo dalilin shirun daban ne.

Karo na farko ya faru makonni kaɗan bayan kafa bot ɗin. Magajin sito ne ya kira da hantsi yana cewa kwana uku ke nan rahoto yana nuna wani reshe bai sayar da ko kwali ɗaya ba, shi kuma ya yi magana da manajan reshen ya tabbatar masa kanta ta kusa zama wayam. Da muka buɗe kundin aikin sai muka tarar da kuskuren a rubuce ƙarara har sau uku: `invalid input syntax for type numeric`. Wani sabon ma'aikaci ne a reshen ya riƙa buɗe fayil ɗin a manhajar lissafi yana gyarawa kafin ya tura, manhajar kuma ta sa waƙafi a cikin adadin kuɗi, ta yadda 12500 ya koma 12,500. Umarnin `\copy` ba ya karɓar rabin fayil, idan layi ɗaya ya ɓaci yakan yi watsi da fayil ɗin baki ɗaya, don haka reshen ya ɓace daga rahoto. Tambayar da ta fi damunmu ita ce me ya hana bot ɗin magana, tunda layin da ke kiransa yana nan:

```
psql -f lodi.sql 2>&1 | tee -a lodi.log || sanar "Lodi ya gaza"
```

Akwai kurakurai biyu a wannan layi, kuma kowannensu shi kaɗai ya isa ya haɗiye sanarwar. Kowane umarni idan ya ƙare yakan bar wata lamba da ake kira lambar fita, sifili na nufin an yi nasara, duk wata lamba kuma na nufin an samu matsala, kuma alamar `||` ba ta duba komai sai wannan lambar. To `psql` idan yana karanta fayil ya ci karo da umarnin da ya gaza, ɗabi'arsa ita ce ya rubuta kuskuren ya wuce zuwa na gaba, a ƙarshe kuma ya fita da sifili kamar babu abin da ya faru, sai fa idan an kunna masa `ON_ERROR_STOP`, wanda ke sa shi ya tsaya nan take ya fita da lamba 3. Kuskure na biyu shi ne bututun da ke kai sakamako ga `tee`. Idan aka jera umarni da alamar `|`, lambar fitar na ƙarshe ce ake ɗauka, shi kuwa `tee` aikinsa rubutu ne kawai kuma ya yi shi lafiya, saboda haka ko da `psql` ya faɗi warwas sifili ne zai iso. Gyaran ya zama haka:

```
#!/bin/bash
set -o pipefail
psql -v ON_ERROR_STOP=1 --single-transaction -f lodi.sql 2>&1 | tee -a lodi.log
```

Layin farko yana da muhimmanci, domin `cron` da kansa `/bin/sh` yake amfani da shi, kuma a sabarmu ta Ubuntu wannan suna `dash` yake nufi, wanda a sigar da muke da ita bai san `pipefail` ba. Shi kuma `--single-transaction` ya jawo muhawara a tsakaninmu, tunda ma'anarsa ita ce reshe ɗaya idan ya ɓata fayil sai a fasa lodin dukan rassa, a bar bayanan jiya yadda suke. Abokin aikina yana ganin rassa goma sha uku sun fi babu. Ni kuma na tsaya a kan cewa rahoton jiya mai ɗauke da kwanan watan jiya a samansa ba ya yaudarar kowa, amma rahoton yau da ya rasa reshe guda yana kama da cikakke, kuma irinsa ne ya bar kanta babu kaya kwana uku. An tafi a kan ra'ayina, da sharaɗin cewa saƙon zai ambaci sunan fayil ɗin da ya ɓaci domin mai jiran aiki ya ware shi ya sake lodi kafin gari ya waye. Mun kuma ƙara bincike ɗaya a ƙarshen lodi, wato a ƙirga rassan da suke da layi aƙalla ɗaya na ranar, idan ba su kai goma sha huɗu ba a sanar, domin fayil da ya iso babu komai a ciki yana shiga rumbu lami lafiya ba tare da wani kuskure ba. Mun gwada sanarwa a kan raguwar yawan layuka, amma muka janye ta, saboda ranakun sallah da na hutu ciniki yakan ragu da gaske, bot ɗin kuma ya tashi mutane a banza.

Karo na biyu ne ya fi koyar da mu, domin a daren lodin bai gaza ba sam. Da ƙarfe 7:00 magajin sito ya buɗe rahoto shafin ya tsaya yana juyawa, da muka leƙa sabar kuma sai ga shirin da ya tashi tun ƙarfe 1:00 yana nan da rai bayan awa shida, bai zuba ko layi ɗaya ba. Duk tsarin sanarwarmu an gina shi ne a kan abin da zai biyo bayan ƙarewar aiki, aikin da bai ƙare ba kuwa ba shi da lambar fita, saboda haka layin da ke kiran `sanar` bai ma samu damar gudana ba. Tambayar da ta tona asirin ita ce wannan:

```
SELECT pid, state, wait_event_type, pg_blocking_pids(pid)
FROM pg_stat_activity
WHERE datname = current_database();
```

Layin lodinmu ya nuna `Lock` a gurbin abin da yake jira, tare da lambar wani haɗi da ya tare shi, shi kuma wancan haɗin yana a matsayin `idle in transaction` tun la'asar ɗin jiya. Wani ma'aikacin sashen kuɗi ne ya buɗe manhajar bincike a kwamfutarsa, ya karanta teburin ciniki, ya tashi ya tafi gida ya bar ta a kunne, manhajar kuma an saita ta yadda ba ta rufe zaman karatun da kanta. Karatu kawai ya yi, amma kullen da karatu ke riƙewa yana nan har sai an rufe zaman. Lodinmu yana farawa ne da `TRUNCATE` domin share teburin kafin a sake cika shi, wannan umarni kuwa yana buƙatar kulle mafi tsanani, `ACCESS EXCLUSIVE`, wanda ba ya samuwa muddin akwai ko da mai karatu ɗaya. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne PostgreSQL yana jera masu neman kulle a layi, don haka duk wanda ya zo karanta teburin bayan `TRUNCATE` ya shiga jira sai ya tsaya a bayansa, kuma dalilin da ya sa rahoton safe ya maƙale ke nan. Da aka kira `pg_terminate_backend` a kan haɗin da ya tare hanya, lodin ya kammala cikin minti 43, amma motoci sun fita da jinkirin kusan awa biyu.

Daga nan muka fahimci cewa mai sanar da jinkiri dole ya tsaya a gefen aikin yana duba agogo, ba a bayansa yana jiran ya gama ba. Mun yi shi da ƙaramin mai gadi da ke tashi tare da lodin:

```
( sleep 4500; sanar "JINKIRI: lodi ya wuce minti 75" ) &
gadi=$!
timeout -k 60 3h ./lodi.sh
lamba=$?
kill "$gadi" 2>/dev/null
```

Mai gadin yana barci na daƙiƙa 4500, idan lodi ya gama kafin nan sai a kashe shi bai ce uffan ba, idan kuwa bai gama ba sai ya farka ya yi magana a zaure alhali aikin yana ci gaba. Shi kuma `timeout` yana yanke aikin idan ya cika awa uku, ya bar lamba 124, wadda ke ba mu damar bambance aikin da aka yanke daga wanda ya gaza da kansa, kowanne da irin saƙonsa.

Zaɓen waɗannan adadi biyu ya fi rubuta umarnin wuya, kuma ba daga wuri ɗaya aka samo su ba. Adadin gargaɗi daga tarihin aikin ya fito. Da farko mun sa minti 60 saboda ya yi kyau a ido, sai ya tashe mu a daren ƙarshen wata, lokacin da rassa ke haɗo lissafin kayan da aka dawo da su, lodi ya ci minti 63 ya kuma gama lafiya. Da muka koma kundin aiki muka jera dararen wata biyu, sai muka ga daren da ya fi kowanne tsawo shi ne wannan na 63, sauran kuma ba su wuce 52 ba, don haka muka ɗaga zuwa 75, wanda ke nufin ƙarfe 2:15. Adadin yankewa kuwa daga baya aka lissafo shi, wato daga ƙarfe 7:00 na magajin sito. Muna so rahoto ya kasance a shirye da 6:30, muna so a samu sararin sake lodi har sau biyu idan na farko bai yi ba, wanda ya kai awa biyu, sannan a bar wa mai jiran aiki rabin awa ya farka ya kunna kwamfuta ya gano matsalar. Idan aka cire awa biyu da rabi daga 6:30 sai a sauka a kan ƙarfe 4:00, awa uku daidai bayan farawa. Duk wanda lodinsa ke farawa a wani lokaci dabam, ko wa'adinsa na safe ya sha bamban, adadinsa zai canza ko da tsawon aikin iri ɗaya ne da namu.

Akwai wani tarko a nan da muka gano a wurin gwaji kafin ya cije mu. Kashe `psql` daga waje ba lallai ne ya kashe umarnin da ke cikin rumbu ba, domin ɓangaren sabar da ke jiran kulle ba ya lura cewa mai kiransa ya mutu har sai ya zo mayar masa da amsa, saboda haka `TRUNCATE` ɗin yana iya ci gaba da zama a layi yana tare masu karatu bayan `timeout` ya gama nasa. Maganin shi ne a sa iyaka daga cikin rumbun, ta hanyar rubuta `SET lock_timeout = '10min';` a farkon `lodi.sql`. Da wannan, jiran kulle da ya wuce minti goma yana rikiɗa ya zama kuskure na sosai, a samu saƙon gazawa da ƙarfe 1:10 maimakon saƙon jinkiri da 2:15. Mun kuma saita `idle_in_transaction_session_timeout` a kan asusun ma'aikatan kuɗi domin rumbu ya riƙa rufe zaman da aka manta da shi. Mai gadin minti 75 ya ci gaba da zama saboda sauran dalilan jinkiri, kamar faifai da ya fara gajiya ko fayil da ya kumbura ba zato.

Game da abin da saƙon zai ƙunsa, mun sha gyara shi kafin ya zauna. Mutumin da waya ta tasa da ƙarfe biyu na dare ba ya buƙatar kundin aiki gaba ɗaya, kuma ko da yana so, Telegram ba ya karɓar saƙon da ya wuce haruffa 4096, zai ƙi shi ɗungurungum. Yanzu kalmar farko ita ce nau'in matsalar, GAZAWA ko JINKIRI ko YANKEWA, domin ita ce ke fitowa a fuskar waya tun kafin a buɗe, sai lokacin da aka fara da agogon gida, tunda sabar tana kan UTC kuma awa ɗaya ce tsakani, sai sunan fayil ko matakin da aka tsaya, sai layuka goma na ƙarshe na kundin. Mun daina amfani da `parse_mode` kwata-kwata, saboda saƙonnin kuskure cike suke da alamomi irin `_` da `*` waɗanda Telegram ke ɗauka a matsayin ado, idan bai ga abokin rufewa ba kuma ya ƙi saƙon da `can't parse entities`. Haka nan saƙo ɗaya ake turawa a kan kowace matsala, ba ɗaya a kan kowane reshe ba, domin bot ba ya iya wuce saƙo 20 a minti ɗaya a zaure guda, kuma tun kafin a kai wannan iyaka mutane za su riga sun kashe ƙarar zauren. Dokar zauren ita ce mai makon jira ya amsa da "na karɓa" cikin minti goma sha biyar, idan bai yi ba wanda ya gani ya kira shi a waya.

Karo na uku bai shafi lodin ba, mai kai saƙon ne da kansa ya mutu. An shigo da shugaban sashen kuɗi cikin zauren, shugabar zauren kuma ta canza saitin domin sababbin shiga su riƙa ganin tsofaffin saƙonni. Wannan canji ya sa Telegram ya ɗaga zauren zuwa babban zaure, wanda ke da sabuwar lamba mai farawa da `-100`, tsohuwar lambar kuma ta daina aiki. A idon mutane babu abin da ya sauya, suna da hotuna da hirarraki duk suna nan. Bayan kwana tara wani fayil ya sake ɓaci, lodi ya tsaya yadda aka tsara, `sanar` ya gudu, Telegram ya amsa da lamba 400 da bayanin `group chat was upgraded to a supergroup chat` har da sabuwar lambar a gurbin `migrate_to_chat_id`, amma babu wanda ya karanta amsar. Shi `curl` idan ya isa sabar ya karɓi amsa yana ɗaukar ya yi nasara ko da amsar ƙi ce, sai an ƙara masa `--fail` yake fita da lamba 22. Abin da ya cece mu a ranar shi ne kwanan watan jiya da magajin sito ya gani a saman rahoto, ya kira kafin ya loda mota ko ɗaya.

Ƙara `--fail` ya sa gazawar saƙo tana shiga kundi, amma bai warware ainihin matsalar ba, domin shirin da ya kasa magana ba zai iya sanar da cewa ya kasa magana ba. Haka lamarin yake idan batirin inbata ya ƙare sabar ta mutu da tsakar dare, ko intanet ɗin ofis ya yanke, ko wani ya gyara jadawalin `cron` ya goge layin bisa kuskure, a duk waɗannan zauren zai yi shiru irin na daren da komai ya tafi daidai. Mataki na farko da muka ɗauka shi ne tura saƙon nasara kowane dare, mai ɗauke da tsawon lokaci da yawan rassa da yawan layuka, tare da `disable_notification` domin ya shiga ba tare da ƙara ba. Wannan ya sa rashin saƙo ya zama alama, sai dai alama ce da ta dogara ga mutum ya lura da abin da babu, kuma bayan makonni ido yakan saba ya daina nema.

Saboda haka aka ƙara mai lura na waje, wanda ba ya zaune a sabarmu kuma ba ya amfani da bot ɗinmu. Mun yi amfani da Healthchecks.io, wanda ke ba kowane aiki adireshi na musamman. Shirin yana taɓa adireshin da ƙarin `/start` idan ya tashi, ya taɓa shi tsurarsa idan ya gama lafiya, ko da ƙarin `/fail` idan ya gaza, kuma an shaida wa mai lurar jadawalin ƙarfe 1:00 da wa'adin haƙuri na minti 90. Idan wa'adin ya cika bai ji labarin kammalawa ba, shi ne zai yi magana da bakinsa, a zauren da kuma imel ɗin mu uku. An sa wa'adinsa ya ɗara na mai gadin cikin gida da minti goma sha biyar da gangan, domin idan saƙon JINKIRI ya zo da 2:15 sannan na waje ya biyo da 2:30 mun san sabar tana raye aikin ne ke tafiyar hawainiya, idan kuwa na waje ne kaɗai ya zo, to sabar ce ko wuta ko intanet ko bot ɗin, kuma mai jiran aiki ya san mai gadin ofis zai fara kira ya duba inbata kafin ya buɗe kwamfuta.

Tun daga lokacin, ranar Litinin ta farko a kowane wata mai makon jira yana ajiye fayil ɗin gwaji mai ɗauke da waƙafi a cikin adadi, ya gudanar da shirin da rana a kan rumbun gwaji, ya tsaya har sai ya ga GAZAWA ta fito a wayarsa, sannan ya rage `sleep` zuwa daƙiƙa goma ya tabbatar da JINKIRI. Akwai giɓi ɗaya da har yanzu ba mu toshe ba, wato reshen da ya sake turo fayil ɗin jiya da kwanan watan yau a cikinsa. Irin wannan fayil yana shiga lafiya, a kan lokaci, rassa su cika goma sha huɗu, kuma abin da muke gwadawa yanzu shi ne kwatanta `sha256sum` na ginshiƙan kaya da adadi da na daren da ya gabata kafin a fara zubawa.